Layik ya yi yawa, amma ba mai magana: ina matsalar take?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina sayar da turaren wuta da humra a Kano, ina tallata su a Fesbuk da Instagram. Hoto ɗaya sai ya samu layik ɗari biyu ko fiye, amma tsokaci bai wuce "Masha Allah" guda uku ba, kuma ba mai turawa. Kullum ina rufe rubutuna da "Ku yi layik, ku yi kwamen, ku yi shiya, Allah Ya ba da lada." Me zan gyara?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Wannan layin na ƙarshe shi za mu fara cirewa, don yana cutar da ke ta fuska biyu.

Ta farko daga Fesbuk ɗin ce. Tun watan Disamban 2017 kamfanin ya sanar cewa zai riƙa rage yaɗuwar rubutun da ke roƙon layik, ko tsokaci, ko turawa, ko kiran sunayen abokai, ba don komai ba sai don a yawaita lamba. Irin su "Kada ka wuce ba ka rubuta Amin ba" da "Tura wa mutum goma" duk wannan layin suke. Sun ware mai neman taimako na gaskiya, kamar cigiyar yaron da ya ɓata ko neman shawara, amma tallar turare ba ta shiga nan. Kuma ni a ganina, jingina lada da danna hoton humra ko ba don Fesbuk ba bai dace ba.

Ta biyu, wadda ta fi girma, daga mai karatu ce. Kin roƙe ta abu uku a numfashi ɗaya, ita kuwa tana kwance tana jan waya da babban yatsa. Za ta zaɓi mafi sauƙi ta wuce, mafi sauƙin kuwa layik ne, domin ba sai ta yi tunani ba, ba kuma wanda zai karanta ya ce ga abin da wance ta faɗa. Tsokaci yana bukatar ta samo abin cewa, ta rubuta da sunanta a gaban dangin miji da ƙawaye. Turawa kuma ta fi nauyi, tunda mutuncinta za ta ɗora a kan kayanki. Saboda haka kowane rubutu ki nemi abu guda tak, ki kuma yanke tun kafin ki fara ko amsa kike so ko turawa.

Idan amsa kike so, ki yi tambayar da matar ta riga ta san amsarta daga cikin ɗakinta, wadda kalma biyu za su isa. "Me za ku ce?" ba tambaya ba ce, aiki ne kika ba ta. Gwada wannan a ƙarƙashin hoton kaskonki: "Ni har yanzu garwashi nake sa wa turare, na ga ƙamshin ya fi kama labule. Ƙanwata ta ce na lantarki ya fi, ba hayaƙi ba toka. Ke wanne kike amfani da shi a ɗakinki?" Kin ga kin fara faɗin naki, don haka ba ita ce ta farkon buɗe baki ba. Kin ba ta zaɓi biyu, kowanne yana da masu kare shi. Kin kuma ce "ke", ba "ku" ba. Idan aka kira taro kowa sai ya jira wani ya amsa.

A kula da kunya. Kada ki tambayi abin da amsarsa za ta tona asirin aljihu ko na aure, kamar nawa take kashewa a turare a wata, ko wane ƙamshi maigida ya fi so. Mata da yawa suna da amsar, amma ba za su rubuta ta inda uwar miji za ta gani ba. Haka zancen kuɗi: ki rubuta farashin a fili. Al'adar nan ta a tambayi "Nawa?" a ce "Duba inbos" tana ƙara yawan tsokaci a ido, amma mutum ɗaya kika amsa wa, sauran da suka ji nauyin tambaya sun tafi.

Bayan kin saka rubutun kada ki ajiye wayar ki shiga kicin. Ki zauna rabin awa ki amsa wa waɗanda suka fara magana, kuma ba da "Na gode" kawai ba. Wadda ta ce garwashi, ki tambaye ta ko tana jira ya yi toka a sama kafin ta zuba, don jan garwashi ƙona turaren yake ya koma ƙauri. Za ta dawo ta amsa, wata ta sa baki. Tun Janairun 2018 Mark Zuckerberg ya ce Fesbuk zai fifita rubutun da ke jawo hira tsakanin mutane, to wannan kai-komon shi ake nufi.

Turawa kuma wani sha'ani ne daban. Ba wanda ke tura talla, abin da ake turawa shi ne abin da zai amfani wani da aka tuna da shi. Sai rubutun ya ɗauki wani amfani da zai tsaya da ƙafarsa ko ba a sayi komai ba, sannan ki ambata mata wanda za ta tura wa. Misali ki yi ɗan bidiyo kan adana turare da damina: a kwalbar gilashi mai murfi gam, nesa da rana da danshi, a riƙa ɗiba da busasshen cokali. Ki rufe da cewa: "Idan kina da amaryar da za ta tare kwanan nan, tura mata kafin kayanta su sha iska." Da ta karanta fuskar wata za ta faɗo mata a rai. Wannan ba roƙon lamba ba ne, dalili kika ba ta. A Instagram ma ya fi biya: shugabansa Adam Mosseri ya bayyana a farkon 2025 cewa turawa tana cikin manyan alamomi uku da suke dubawa, kuma ta ɗan fi nauyi wajen kai abu ga waɗanda ba sa bin ki.

Abu biyu na fasaha. Dogon rubutu ana yanke shi a sa See more, don haka tambayar ta zo a layin farko ko na biyu, ko ki faɗe ta da baki a bidiyon. Sannan yawancin turawa a wajenmu ta WhatsApp ake yi, wani lokaci hoton allo kawai ake ɗauka, rubutun ƙasa ya ɓace. Ki sa sunan shagonki da lambarki a jikin hoton. Inda ake iya dannawa kuma ki sa wannan:

```
https://wa.me/234XXXXXXXXXX?text=Salam,%20ina%20son%20turare
```

A wurin X ki sa lambarki ba tare da sifirin farko ba, ba kuma alamar tarawa. `%20` shi ne tazara tsakanin kalmomi. Wadda ta danna za ta tarar an riga an rubuta mata gaisuwar, sai aikawa kawai.

Don ki san ko gyaran ya ci, ki mayar da asusun Instagram ɗinki na kasuwanci, ki riƙa danna View insights a ƙarƙashin kowane hoto. Ki duba mutum nawa ya kai wa, nawa suka tura. A ce tsohon salo ya kai wa mutum 2,000 aka tura sau 4, wato biyu cikin dubu ke nan. Sabon ya kai wa 1,500 aka tura sau 15, goma cikin dubu. Na biyun ya fi ko da layik ɗinsa bai kai rabin na farko ba. Kada ki yanke hukunci da rubutu ɗaya, ki yi aƙalla shida a mako biyu, a lokaci iri ɗaya, kamar bayan isha'i. Idan tsokaci ya ƙaru amma duk "Masha Allah" ne, tambayar ce ta yi faɗi, sai ki ƙara matse ta zuwa zaɓi biyu.