Me ya sa 5G mai gudun tsiya ba ya shiga daki?

"Jama'a a waje wayata gudu kamar walkiya, ina shiga daki sai ta koma tafiyar hawainiya, me ke faruwa?"

Malam in 5G dinka na milimita ne, wato mai gajeren zangon sigina da ke aiki a 28 GHz, laifin bango ne, wayarka kalau take. Tsawon zangonsa kamar santimita daya ne kacal, shi yasa baya iya ratsa siminti, kai ko tafin hannunka ka rufe gefen wayar sai sabis ya ragu. A fili ma 'yan daruruwan mitoci yake kaiwa, dole kamfani ya rika makala kananan eriya a fitilun titi kusa kusa. Tsaya bakin taga kana hango eriyar, in gudun ya dawo to shi ne, a daki wayar tana komawa 5G mai 3.5 GHz ko 4G.