Karta da tambayar "yaushe"

"Kawu, wata ƙawata ta jawo mini kartar duba ta Turawa, wadda ake ce wa tarot, kan kuɗin buhunan waken da na ba wani ɗan kasuwa bashi. Uku na sanda ya fito, ta ce kwana uku. Da gaske karta na iya faɗin lokaci?"

Ƴata, ba ta iyawa. Gaibu na Allah ne, kuma malamanmu sun daɗe suna hana duba, da ƙasa aka buga shi ko da takarda. Amma tunda kin tambaya, gara ki san yadda masu abin ke lissafi, don ki ga da idonki inda yake gocewa.

Kartar guda 78 ce. An fara ta a arewacin Italiya wajen 1440 don wasa kawai, sai a ƙarshen ƙarni na 18 aka soma duba da ita a Faransa. Guda 22 su ne manya, sauran 56 sun kasu gida huɗu: sanda, takobi, kofi da kwabo. Kowane gida na da ɗaya zuwa goma, da mutanen fada huɗu. Masu duban sun jingina sanda da wuta, takobi da iska, kofi da ruwa, kwabo da ƙasa. Daga nan batun sauri ya samo asali. Wuta da iska ba sa jira, ruwa na bin hanyarsa a hankali, ƙasa kuwa sai an shuka an yi haƙuri. Wani tsari da ke yawo sosai shi ne sanda kwanaki, takobi makonni, kofi watanni, kwabo shekaru, sai a ɗauki lambar da ke jikin katin a ƙirga. Da shi ƙawarki ta samo kwana uku.

To, mu tsaya kan wannan kati naki. A zanen da ya shahara tun 1909, mutum ne tsaye a kan tudu, ya ba mu baya, sanduna uku kafe a gefensa, yana hangen jiragen ruwa can nesa. Ma'anar da suke ba shi ita ce kaya sun tafi, ana jiran dawowa. Wani mai duban, da wannan katin dai, zai ce miki mako uku, domin a wajensa takobi ne kwanaki, sanda makonni. Na uku zai bi lissafin taurari, wanda ya raba shekara ga kati 36, daga biyu zuwa goma na kowane gida, kowanne ya samu kimanin kwana goma. A can uku na sanda ya faɗa farkon Afrilu. Na huɗu zai ce sanda lokacin tohon itatuwa ne a Turai, mu kuma a Maradi lokacin nan bazara ce, zafi tsagwaronsa. Kati ɗaya ya ba da amsa huɗu, kuma ba wanda zai iya nuna miki dalilin da tasa ta fi ta ɗan'uwansa.

Akwai wani giɓi da ba a cika faɗa ba. Katunan da ake ƙirga lokaci da lambarsu 40 ne kacal cikin 78. Kusan rabin jawowa ke nan ba za ta ba da adadi ba, sai mai duban ya cike da nasa zato.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake ɓoye kuskuren. Kwana uku ya wuce ba kuɗi, sai a ce ashe mako ake nufi. Mako uku ya wuce, a ce katin a kife ya fito, jinkiri ne. Ko a sake jawowa har a samu wanda ya yi wa rai daɗi. Da haka za ki gane ana yaudarar kai: ma'auni na canzawa bayan abu ya riga ya faru. Shi ya sa ko cikin masu harkar, masu gaskiyarsu ba sa yanke rana. Iyakarsu su ce takwas na sanda, mai sanduna na keta sama, alamar gaggawa ne, huɗu na takobi, mai mutum a kwance, alamar tsayawa. Wannan siffanta tafiya ce, kuma abin da ke cikin ran mai tambaya yake taɓowa, bai san aljihun wanda ake bi bashi ba.

Lokacin kuɗinki yana wajen mutumin. Ki tambaye shi ko ya sayar da waken, buhu nawa ya rage, su wa yake bi shi ma. Ki tafi da yayanki ya zama shaida, ku tsayar da ranar kasuwa guda, a rubuta adadin da ranar a takarda ya sa hannu. In ya ce ba zai iya biya gaba ɗaya ba, ku raba kashi biyu, kowane kashi da tasa ranar.