Saƙon bayan taro: wa zai yi, kuma yaushe?

Tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. An ba ni sakataren kwamiti a wajen aikinmu. Duk taron da muka yi ina tura imel na abin da aka tattauna, amma in an dawo zama na gaba sai a tarar ba a yi komai ba, kowa ya ce bai san shi aka ɗora wa ba. Don Allah yaya ake rubuta shi?

Wa alaikumus salam ƙanena. Na daɗe ina riƙe da sakatariyar kwamitin gudanarwa a wata makaranta mai zaman kanta, kuma irin wannan ciwon kai na sha shi har na gode Allah. Ko ban ga saƙonka ba zan iya cewa akwai wata 'yar kalma da ta cika shi, wato "a". Za a duba, a tuntuɓi wane, an amince a gyara. A baki tana da daɗi, ladabi ce, ba ka nuna kowa da yatsa ba. Amma a rubuce ita ce ke kashe aiki, domin "a" ba ta da lambar waya, ba ta da ofis da za a je a tambaye ta ina aka kwana.

Bari in ba ka abin da ya koya mini hankali. Wani zango mun zauna saura mako biyu jarrabawa, na rubuta da hannuna cewa "an amince a buga takardun jarrabawa kafin mako mai zuwa". Kowa ya karanta, ba wanda ya ce uffan. Jami'in jarrabawa yana jiran malamai su kawo tambayoyi, malamai suna jiran a faɗa musu ranar kawowa, ma'aji yana jiran a kawo masa farashi, mai buga takardu kuwa ba wanda ya ma kira shi. Ranar Alhamis ta ƙarshe muka farga. Mun kwana biyu muna jigilar takardu a shagon hoto, muka biya kuɗin gaggawa, kuma duk da haka yaran aji uku suka zauna safiyar Litinin malami yana rubuta musu tambayoyi a allo da alli. Har yanzu ina ganin wata yarinya a bencin baya tana miƙa wuya tana ƙanƙance ido don ta hango rubutun. Da aka zo bin ba'asi ba a samu mai laifi ba, domin jimlar da na rubuta ba ta kama sunan kowa ba. Laifin nawa ne.

Daga ranar na gane cewa saƙon nan ba a gaban kwamfuta ake fara shi ba, a cikin ɗakin taro ake fara shi. Kafin a yi addu'ar tashi nakan nemi izinin shugaba na minti biyar, in karanto abin da na rubuta ɗaya bayan ɗaya. Duk inda na zo kan aikin da ba shi da mai shi sai in tsaya in ce, "Wannan sunan wa zan sa?" Ɗakin yakan yi tsit na ɗan lokaci, kada ka ji tsoron shirun, kuma kada ka yi saurin cika shi da cewa kai za ka yi. Wani zai ɗauka, ko shugaba ya ɗora wa wani. Da an samu suna sai in bi da, "Wace rana zan rubuta?" Mutum ya faɗi ranarsa da bakinsa a gaban jama'a. Alkawari kaya ne, kuma wanda ya ɗora wa kansa ya fi jin nauyinsa a kan wanda sakatare ya ƙaƙaba masa daga baya.

Wannan ne ma ke warware matsalar manya. Kai ƙarami ba za ka zauna ka yanka wa shugabanka wa'adi a imel ba, zai zama rashin kunya. Amma in ka ce, "Ranka ya daɗe, sa hannun nan yaushe zan rubuta za a samu?" ya ce Laraba, to Larabar tasa ce, kai ka rubuta ne kawai.

Suna ɗaya tak a kan kowane aiki. In ka rubuta mutum biyu, kowanne zai jingina da ɗan'uwansa. In aikin na buƙatar hannu da yawa, rubuta wanda za a tambaya, sannan ka ƙara da cewa wane zai taimaka masa. Haka nan "sashen kuɗi" ko "malamai" ba suna ba ne.

Ga yadda na rubuta na zangon da ya biyo baya. A nan na sa muƙamai, a ainihin saƙon kuwa sunan kowa nake sawa. A wajen Subject na rubuta: Matsayar zaman Litinin 3 ga wata, shirin jarrabawa. Sai cikin saƙon:

Assalamu alaikum. Ga abin da aka tsayar a zaman yau.

Abin da aka yanke: Jarrabawa za ta fara Litinin 17 ga wata. Za a buga takardu a wajen mai buga mana na kullum. Ba za a karɓi tambayoyin da aka rubuta da hannu ba.

Ayyuka:
1. Mataimakin shugaba zai tattara tambayoyin dukkan malamai ya miƙa wa jami'in jarrabawa, Alhamis 6 ga wata, kafin ƙarfe 2 na rana.
2. Jami'in jarrabawa zai karɓo rubutaccen farashi daga mai bugawa ya kai wa ma'aji, Alhamis 6 ga wata.
3. Shugaban makaranta zai sa hannu a takardar fitar da kuɗi, Litinin 10 ga wata da safe.
4. Ma'aji zai biya ya turo shaidar biya a wannan saƙo, Litinin 10 ga wata, kafin tashi.
5. Jami'in jarrabawa zai karɓo takardu ya ƙirga na kowane aji, Alhamis 13 ga wata.

Abin da ba a yanke ba: kuɗin masu sa ido. An ɗage zuwa zaman Litinin 10 ga wata.

Wanda ya ga kuskure ya sanar da ni kafin ƙarfe 12 na ranar gobe Talata. In ban ji ba, a haka za mu tafi, in sha Allah.

Shi ke nan saƙon. Yanzu duba ranakun da kyau, domin a nan aikin yake. Ban fara lissafi daga ranar taro ba, daga ranar jarrabawa na faro na dawo baya. Mai bugawa ya ce yana buƙatar kwana uku, kuma ba ya taɓa inji sai ya ga kuɗi. Ina son takardu su iso Alhamis 13, don in an samu shafin da ya ɓace ko aji ɗaya bai cika ba, a samu Juma'a da Asabar a gyara. Ke nan dole kuɗi ya fita Litinin 10. Ma'aji ba zai biya ba sai shugaba ya sa hannu, shugaba ba zai sa hannu ba sai ya ga farashi, farashi kuma sai an san yawan shafuka. Shi ya sa tambayoyi suka koma Alhamis 6. Da zarar ka jera su haka, wanda ya makara yana ganin wanda ya tare wa hanya, ba sai ka yi masa wa'azi ba.

Za ka lura ban sa wa'adi ranar Juma'a ba. A wajenmu da an tafi masallaci rabin ofis ba ya dawowa, sai aikin Juma'a ya zama na Litinin. Kuma ina haɗa sunan rana da kwanan wata kullum. "Alhamis mai zuwa" in an faɗe ta ranar Litinin, wani zai ɗauka ta wannan makon ce, wani ta makon gaba. "Da gaggawa" da "nan ba da jimawa ba" kuwa ba ranaku ba ne. In sha Allah ina rubuta ta da zuciya ɗaya, amma bayan rana take zuwa, ba ta zama a madadinta.

Sai kuma yadda aka faɗi aikin. Ban ce ma'aji zai "duba maganar kuɗi" ba. Mutum zai iya duba magana wata uku yana dubawa, kuma bai yi ƙarya ba. Na ce zai biya ya turo shaida. Kowane layi ka tambayi kanka: ranar da wa'adi ya cika, me zan gani da idona in san an gama? Rasit, takarda mai sa hannu, kwali a kan tebur. In ba ka da amsa, layin bai nuna ba tukuna.

Ɓangaren "abin da ba a yanke ba" kada ka raina shi. Sau da yawa ana tafka muhawara a tashi ba matsaya, amma wanda ya fi ɗaga murya ya fita da yaƙinin ra'ayinsa ne ya wuce. Layi ɗaya da ke cewa an ɗage, kuma zuwa rana kaza, ya kashe wannan rigimar tun ba ta tashi ba.

Muhawarar kanta, wane ya ce wane ya mayar, wannan ta minit ɗin taro ce, a ajiye ta a fayil. In ka zuba ta a imel dambu ya yi yawa, ba zai ji mai ba, kuma mutum zai gaji kafin ya iso inda sunansa yake. Yawancin mutanenmu a waya suke karantawa, wani a cikin adaidaita. Shi ya sa na daina yin jadawali mai gidaje, domin a ƙaramin allo sai an ja hagu an ja dama, na kuma daina liƙa takarda da sai an sauke. Komai a jikin saƙon. Maganar ladabtar da ma'aikaci ko albashin wani kuwa ba ta shiga saƙon da ke zuwa ga kowa, domin imel in ya fita hannunka ba ka san inda za a tura shi ba.

Ina tura shi a ranar da aka yi taron, in ya yi nisa washegari da safe. Da zafi-zafi ake dukan ƙarfe, bayan kwana uku kowa ya riga ya gyara abin da ya tuna. Masu aiki a kansu ina sa su a To, waɗanda sani kawai za su yi a Cc. Da yake akwai waɗanda sai su yi mako ba su buɗe imel ba, nakan kwafe sashen ayyuka kaɗai in sa a zaurenmu na WhatsApp, amma duk wani gyara a imel ake yin sa. In rana ta sauya, na danna Reply all a kan saƙon farko in rubuta sabuwar rana da dalilinta, don kada a samu takarda biyu suna yawo kowa na riƙe da tasa.

Abu ɗaya da zan ja kunnenka a kai shi ne wancan layin na "in ban ji ba, a haka za mu tafi". Yana aiki ne a kan wanda ya halarci zaman kawai. Wanda ba ya nan aka ɗora masa aiki, shirunsa ba amincewa ba ce, wataƙila bai ma gani ba. Shi kiransa nake yi a waya kafin in tura, in karanta masa layinsa, in ji ko ranar ta yi masa. In ya ce ba za ta yiwu ba, sai in koma wa shugaba kafin sunansa ya fita.

Kwana ɗaya kafin wa'adin mutum nakan tuna masa shi kaɗai, ba a bainar jama'a ba: "Malam, gobe ne farashin nan, akwai abin da ya tsaya?" Sau da yawa a nan nake jin ainihin matsalar, misali malamai biyu ba su kawo tambayoyinsu ba, sai a bi su tun da sauran lokaci. A zama na gaba kuma, bayan addu'ar buɗewa, saƙon nan ne abu na farko. Na buɗe shi a waya in karanta lamba ɗaya, mai ita ya ce an yi ko ba a yi ba. In an yi na wuce lamba biyu. In ba a yi ba, ba na neman dogon bayani, sai in ɗaga biro in ce, "To Malam, wace rana zan rubuta?"