Kayan zuwa ofis a Ingila: amsa ga wani ƙanena a Kano

"Yaya, na samu aikin akanta a Leeds, wata mai zuwa zan taso. A imel ɗin da suka turo sun ce Litinin zuwa Alhamis business casual, Juma'a kuma smart casual. Ni a Tarauni na tashi, rabin rayuwata cikin yadi da shadda nake. Me zan saya, kuma mene ne bambancinsu?"

Ƙanena, Allah ya sanya alheri. Bambancin yana wurin wando da takalmi, sai kuma zanzaro. In ka riƙe waɗannan uku, sauran mai sauƙi ne.

Na Litinin zuwa Alhamis shiga ce ta mutumin da za a iya kiransa gaban abokin hulɗar kamfani ba tare da an sanar da shi tun jiya ba. Riga mai kwala da maɓallai, mai dogon hannu, fara ko shuɗiya mai haske, ka yi zanzaro. Wando na yadi ko cinos, ruwan toka ko shuɗi mai duhu. Takalmin fata rufaffe, da bel mai launinsa, da safa mai duhu wadda in ka zauna ƙwaurinka ba zai fito ba. Ba a bukatar laktaye, kwat kuma ganin dama ce. Jins ba ya cikin wannan lissafi ko da tsadarsa ta kai ina, haka kambas.

Ranar Juma'a ne ake sassautawa. Jins ya halatta, amma mai duhu, wanda bai koɗe ba kuma babu yaga a gwiwa. Za ka iya sa rigar folo, ko suwaita a kan riga mai kwala, ka bar zanzaro in rigar ba ta zarce aljihun wando ba. Kambas ma ya shiga in mai tsabta ne mara ado, ba na gudu ba. Jesin ƙwallo, wandon motsa jiki, silifas da riga mai ƙaton rubutu a ƙirji duk ka bar su a gida. Dabarar da nake bi ita ce in sassauta abu ɗaya in ɗaure ɗaya: in na sa jins, sama riga mai kwala ce, in na sa folo, ƙasa cinos ne. Kuma tunda aikinka na lissafin kuɗin mutane ne, in Juma'ar ta zo da ganawa da abokin hulɗa, koma shigar Alhamis.

Na san abin da ke ranka, domin a Kano Juma'a ranar manyan kaya ce, har ma'aikatan banki suna fitowa da shadda da hula. A nan ba haka suke nufi ba. Dokar Equality Act ta 2010 ta hana nuna wa ma'aikaci bambanci saboda addininsa, shi ya sa gemu da hijabi ba baƙon abu ba ne a ofisoshi. Amma a makon farko kada ka fito da kaftani. Ka fara sanin mutanen wurin, ka yi magana da shugabanka kan lokacin fita masallaci, wanda ya fi kayan muhimmanci. Ranar sallah ko wani taron ofis sai ka sa abinka, za ma su yaba.

Yanzu sayayya. Riguna biyar, wanduna uku, jins ɗaya, takalmin fata ɗaya, kambas ɗaya, suwaita biyu marasa kauri. Wannan zai ɗauke ka wata da watanni ana juyawa. In za ka yanki yadi a Kantin Kwari, kai wa telan da ya saba da ƙananan kaya, domin kwala ce ke tona asirin ɗinki: in ba a sa mata abin da zai tsayar da ita ba, wanki biyu sai ta kwanta. Guji yadi mai sheƙi. Ka sa telan ya auna maka wuya da ƙugu da tsawon ƙafa da inci ka rubuta, don da su ake sayar da kaya a nan. 32/30 a jikin wando na nufin ƙugu 32, tsawon ƙafa ta ciki 30. Rigar sanyi da takalmi kuwa bari sai ka iso. Leeds garin ruwa ne, takalmi mai ƙasan fata santsi yake yi, mai ƙasan roba za ka nema. Cikin ofis akwai ɗumi, saboda haka rigar sanyin cirewa za ka yi ka rataye, abin da ke ƙarƙashinta shi ne shigarka.

Abu biyu da ke kayar da 'yan uwanmu ba a rubuta su a imel. Na farko guga: babu mai wanki da guga a bakin layi, kai za ka yi, kuma riga mai tsada da ta yamutse ta fi mai araha gogaggiya muni. Na biyu turare. Yadda muke feshe jiki a gida ya yi yawa ga ɗakin da mutum goma ke zaune tagogi a rufe, kuma ba za su faɗa maka ba. Fesawa ɗaya ta isa.

Ranar farko ka je da riga fara, wando ruwan toka da kwat a hannu. Duba abin da shugaban sashenku da waɗanda suka daɗe suke sawa, ba sababbin ɗauka ba, ka daidaita naka a kai. Ka gaida su Umma, ka turo min ranar da jirginka zai sauka.