An yi mini taron dangi a wurin aiki, wace shaida zan kai?

Tambaya: Malam, ina koyarwa a wata makaranta mai zaman kanta nan Damagaram. Tun da na ƙi sa hannu a wasu sakamakon jarrabawa, abokan aikina biyar suka juya mini baya. Ba mai zagina a fili, amma ko barci ba na iya yi. Da na kai kuka, darakta ya ce in kawo shaidu. Wa zan kawo, alhali su ne shaidun?

Amsa: Malama, Allah ya kawo sauƙi. Kada ki fara zagayen neman shaidu. Wannan shawara ta "je ki kawo mutum biyu" ita ce ta fi kashe irin wannan ƙara a hannuna, kuma kullum sai na ji ta a bakin manya. An gina ta ne a kan rigimar mutum ɗaya: wane ya zagi wance a gaban jama'a, aka kira waɗanda suka ji, magana ta ƙare. A taron dangi kuwa, masu ji su ne masu yi. Ranar da kika je wa ɗaya daga cikinsu da roƙon ya tsaya miki, kafin la'asar sauran sun sani, sun daidaita bakinsu, wataƙila ma su riga ki rubuta takarda cewa ba ki da zaman lafiya. Sai darakta ya ga sa hannu biyar a gefe, ke kaɗai a gefe, ya ce ai mutum biyar ba sa haɗuwa a kan ƙarya. Suna haɗuwa mana! Abin da ya fi ƙona mini rai, daga nan sai dangi su ce sammu ne, a kwashe albashin mutum a kai wa boka, wata uku su wuce ba a rubuta ko layi ɗaya ba.

Dalilin wahalar shi ne an raba aikin ƙanana-ƙanana. Wannan ya "manta" bai gaya miki taro ba, wancan ya ɗauke kujerarki, waccan ta yi shiru da kin shigo. Kowanne in aka ɗauke shi shi kaɗai, ba laifi ba ne, kuma mai shi yana da uzuri. Shi ya sa Heinz Leymann, masanin da ya yi nazarin wannan a Suwidin cikin shekarun 1980, ya auna shi da maimaituwa: aƙalla sau ɗaya a mako, har tsawon aƙalla wata shida. Wannan ma'aunin bincike ne, ba doka ba, don haka kada ki zauna jiran wata shida su cika. Abin ɗauka a ciki shi ne, jerin abubuwan ake nunawa, ba abu guda ba.

Ki sayi littafi, ki ajiye shi a gida, ki rubuta a ranar da abin ya faru. "Yau sun wulaƙanta ni" ba ta da amfani. Ga irin wanda ke aiki: "Talata, ƙarfe 10, an yi taron malamai a ajin ƙarshe. Wane ne ya sanar da kowa ta WhatsApp, ni an cire ni daga zauren tun Lahadi. Wance da wane suna wurin. Laraba na samu takardar neman bayani kan rashin halarta." Kin ga a nan mutum uku sun yi abu uku daban, amma sakamakon ɗaya ne, kuma takardu biyu suna tabbatar da shi: hoton allon waya mai nuna wanda ya cire ki, da takardar darakta mai kwanan wata. Ki ware abin da kika gani da idonki daga abin da aka gaya miki. In kika haɗa jita-jita ɗaya ta ƙaryatu, da ita za su rushe sauran.

Sannan ki nemo tsofaffin takardu: jadawalin darussanki na bara da na bana, da duk wani yabo da aka taɓa rubuta miki kafin ranar da kika ƙi sa hannu. Wannan rana ita ce iyaka, a ga yadda kike kafinta da bayanta.

Shaidu na mutane suna nan, amma a gefe suke: mai gadi, malamin da ya bar makarantar, wanda ya zo koyon aiki. Ba ke za ki tara su ba. Ki rubuta ƙorafi, ki jera abin da kowa ya yi da sunansa da ranarsa, ban da kalmar "makirci", ki nemi a saurari kowa shi kaɗai, cikin yini ɗaya. In an tara su ɗaki ɗaya, an gama. In an raba su, mai bincike zai lura da jimla ɗaya tana fitowa daga baki biyar, kuma sau da yawa akwai mai bin ayari don tsoro, wanda zai faɗi gaskiya in ba idon sauran.

Ki yi kwafi biyu, a buga miki hatimin karɓa a naki. In an yi shiru, ki ɗauki littafin da kwafin zuwa wurin wakilin ma'aikata ko sandika, daga nan ofishin sufetan ƙwadago, tunda makarantarku tana ƙarƙashin dokar ƙwadago ta 2012. Maganar barci kuma ki ga likita cikin makon nan, ki adana takardar da zai ba ki.