Sauya lambobin misali a darasin lissafi

Tambaya: Ɗalibaina suna gane misalin da na warware a allo, amma da zarar an sauya lambobi sai su rikice. Yaya zan nuna musu matakan da ba sa sauyawa?

Malama, na daɗe ina koyar da lissafi, kuma abin da ya fi yi mini amfani shi ne sauya lamba ɗaya tak a kowane karo, tare da barin misalin farko a allo ba a goge ba, domin ɗalibi ya riƙa kwatanta layi da layi.

A ɗauki 3x + 5 = 26. Za a ɗebe 5 daga ɓangarorin biyu a sami 3x = 21, sannan a raba da 3 a sami x = 7. A gefensa sai ki rubuta 3x + 8 = 26, amma kafin ki warware, ki tambaye su layin da zai sauya. Za su ga cewa yanzu 8 ake ɗebewa, saura 18, amsa kuma 6, alhali rabawa da 3 tana nan yadda take. Daga nan ki koma kan misalin farko ki mayar da 3 ta zama 7, wato 7x + 5 = 26. A nan 21 za ta sake fitowa, rabawar ce kaɗai ta koma da 7, amsa ta zama 3.

Ki kula ƙwarai da lambobin misalin farko. Na taɓa fara darasi da 2x + 2 = 10, ina ganin na sauƙaƙa musu, ashe wasunsu ba su bambance 2 da aka ɗebe da 2 da aka raba da ita ba. Da na ba su 3x + 6 = 18, sai suka ɗebe 3 suka raba da 6, suka kawo mini 2.5 maimakon 4. Laifina ne, ba nasu ba, kuma tun daga ranar ba na barin lamba ta maimaitu a misali, har a cikin amsar. Yadda nake yi shi ne in fara zaɓar amsar, sannan in gina tambayar a kanta.

Sai sun zauna daram a kan wannan nake taɓa alama, in ba su 3x − 5 = 16. Wanda ya haddace "a ɗebe" zai sami 3x = 11 ya tsaya cak, wanda kuwa ya gane cewa ana warware abin da aka yi wa x ne zai ƙara 5 ya sami 21, amsa ta fito 7. Na farkon ba na gyara masa da kaina. Ina sa shi ya mayar da amsar abokinsa cikin tambayar ya lissafa, sannan ya faɗa mini layin da aikinsu ya rabu.