Sun yi maka tayin dirhami 6,000: duba yadda aka raba shi kafin ka amsa

"Assalamu alaikum Malam. Ni akanta ne a Sharjah, shekarata huɗu ina karɓar dirhami 5,500. Wani kamfani a Dubai ya aiko mini da tayin aiki na 6,000, rabi albashin asali, rabi alawus. Ina ganin na fi ƙarfin haka, amma ina tsoron in yi magana su janye. Yaya zan amsa musu?"

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Kamfanin da ya tantance mutane har ya tsayar da kai ba ya son komawa farko, don haka da wuya roƙo cikin ladabi ya ɓata tayi. Abin da ya fi ɓata shi ƙarya ce, ko kafa sharaɗin "in ba haka ba na fasa".

Fara da rabon kuɗin nan, domin a nan ake cin mutane da yawa. A dokar ƙwadago ta Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, kuɗin sallama a kan albashin asali kaɗai ake lissafa shi, wato layin da aka rubuta Basic Salary a takardar. Alawus ɗin gida da na mota ba sa shiga. Wanda ya cika shekara ɗaya yana samun ladan kwana 21 kan kowace shekara a biyar ɗin farko, sai kwana 30 kan kowace shekara bayan nan. Da asali na 3,000, ladan kwana ɗaya 100 ne, shekara uku za ta ba ka 6,300. Da a ce asalin 4,200 ne, kwana ɗaya ya zama 140, sallamarka ta koma 8,820. Ka ga ratar 2,520, alhali abin da ke shiga asusunka kowane wata bai motsa ba. Wannan gyaran yakan fi sauƙin samu, tunda bai taɓa kasafin watansu ba.

Hujja kuwa iri biyu ce ke aiki: farashin kasuwa da abin da hannunka ya yi. Kamfanonin samar da ma'aikata irin su Hays da Cooper Fitch kan fitar da jadawalin albashi na yankin kowace shekara. Duba matakinka a ciki, ka haɗa da tallan aiki biyu ko uku na Bayt ko LinkedIn masu nuna albashi ƙarara. Sannan ka kawo aikin da za a iya ƙirgawa, misali cewa kai ne ke shigar da bayanan harajin kaya na kashi 5 cikin ɗari na kamfaninku ba a taɓa cin ku tara ba. Kuɗin makarantar ƙanne da cefanen gida a Kano nauyi ne na gaske, amma ba hujja ba ne a teburin mai ɗaukar aiki. Bar su a zuci.

Ka amsa a rubuce cikin kwana ɗaya ko biyu, da Turanci, a kan wannan ma'ana:

"Na gode da wannan tayi, kuma ina da sha'awar aikin ƙwarai. Bisa shekaru huɗu da na yi a wannan fanni da jadawalin albashin da na haɗo, ina roƙon a duba yiwuwar 7,000 a wata, 4,200 daga ciki albashin asali. Ina kuma roƙon a sa tikitin zuwa gida sau ɗaya a shekara. Idan muka daidaita, a shirye nake in sa hannu cikin makon nan."

Lura da cewa adadi ɗaya aka faɗa. In ka ce "tsakanin 6,500 da 7,000", ƙaramin za su ɗauka. Buƙatun kuma duk a saƙo guda suke, domin mai dawowa da sabuwar buƙata bayan an biya masa ta farko shi ke gundurar mutane. Tikitin shekara ba wajibi ba ne a doka, sai abin da aka rubuta a kwantiragi, shi ya sa ake neman sa tun yanzu.

In sun ce 6,000 ne iyakarsu, nemi gyaran rabon kaɗai, tare da alkawari a rubuce na sake duba albashi bayan lokacin gwaji, wanda doka ta ce kada ya wuce wata shida. Kada ka ƙirƙiro wani tayin da babu shi, don suna iya cewa ka turo takardar.

Duk abin da aka amince ta waya, ka tabbata ya shiga takardar tayi ta ma'aikatar ƙwadago, MOHRE, tunda ita ce kwantiragi zai bi. Karanta lambobin ɗaya bayan ɗaya kafin ka sa hannu, kuma kada ka ba kamfaninka na yanzu notis sai ta zo hannunka. Notis ɗin tsakanin kwana 30 ne da 90, gwargwadon abin da ke kwantiraginka, sai ka duba shi kafin ka yanka musu ranar fara aiki.